Batir don aske tozon lodi: yadda aka auna girmansa a wani ginin kasuwanci a Jigawa

Ginin bene ne mai hawa ɗaya a wani garin kasuwa a ƙasar Gumel. A ƙasa akwai shaguna 14, da babban kanti, da kemis, da ɗakin sanyi na kifi da lemo. A sama akwai ofisoshi da zauren taro, bayan ginin kuma rijiyar burtsatse ce da ke cika tankunan sama. Duka ginin mita ɗaya ce ke auna shi, mai ginin ne ke biya, sannan ya raba wa 'yan haya. Wutar ba daga babban layin ƙasa take zuwa ba. Wani kamfani mai zaman kansa ne ke samar da ita daga ƙaramar tashar da ya kafa wa garin, irin waɗanda hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar wa da ƙa'ida a 2016 ta kuma sabunta a 2023.

Takardar biyan kuɗin ginin layi biyu gare ta. Na farko kuɗin wutar da aka sha, a kan kowane kWh. Na biyu kuɗin ƙololuwa, wato a kan kowane kVA na lodi mafi girma da mitar ta gani a cikin watan. Farashin da za a gani a nan na misali ne kuma an zagaye shi don lissafi ya yi sauƙin bi: naira 180 a kan kWh, naira 25,000 a kan kVA a wata. Wanda zai yi nasa lissafin sai ya ɗauko na kwangilarsa.

Kafin a je ko'ina, layin nan na biyu shi ne abin dubawa, domin shi ake so batir ya rage ta hanyar aske ƙololuwar lodin. Da yawa cikin masu gine-gine a Kano da Jigawa suna da mitar MD ta KEDCO, irin ta manyan masu shan wuta, suna ganin tana nuna kVA, sai su ɗauka ana cajin su a kai. Tun watan Fabrairu na 2016 aka soke tsayayyen kuɗin wata a kuɗin wutar kamfanonin rarrabawa, daga 2020 kuma aka koma tsarin rukunin A zuwa E bisa awannin samun wuta, ana biya a kan kWh. Idan takardarka ba ta da layin da aka ninka kVA da wani farashi, batir ba zai rage maka ko sisi ta wannan hanyar ba. Yana iya yi maka amfani wajen ɗauke wuta ko rage shan gas na janareto, amma wannan wani lissafi ne daban.

Abin da mitar take kamawa

Mitar ba ta damu da lodin daƙiƙa ɗaya ba. Tana raba yini gida-gida, a wannan kwangilar minti 30 kowane gida, ta ɗauki matsakaicin lodin kowane gida, ta riƙe mafi girma har ƙarshen wata. A wata mai kwana 30 gidaje 1,440 ke nan, kuma ɗaya tak daga cikinsu ne ke yanke kuɗin. Sauran 1,439 ko da an yi su cikin tsanaki ba su da ta cewa.

Wannan ya warware wata gardama da aka fara da ita. Mai gyaran wutar ginin ya dage cewa kwamfuresar ɗakin sanyi ce ke jawo kuɗin, saboda duk sanda ta tashi fitilu sukan yi ƙasa. Gaskiya ne motar lantarki irin ta kwamfuresa mai tashi kai tsaye takan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutar da take ci tana tafiya, amma na 'yan daƙiƙoƙi ne. A ce ta ja ƙarin kVA 60 na daƙiƙa 5. Gida ɗaya daƙiƙa 1,800 ne, don haka abin da ta ƙara wa matsakaicin bai kai kVA 0.2 ba. Tashin mota yana da muhimmanci wajen zaɓen bireka da ƙarfin janareto, amma ba shi ke hura takardar biya ba. Abin da ke hura ta shi ne kayan da ke haɗuwa su yi ta ci tare na rabin awa cur.

An nemi kamfanin ya fitar da bayanan mitar na wata 12, kowane rabin awa da lodinsa. An kuma maƙala na'urar ɗaukar bayani a babban allon shigowar wuta na mako uku, don a gane wane kaya ne ke tashi a wane lokaci. Bayanan shekara guda ba a yi musu rangwame. Wanda ya auna gini a watan Disamba, ana sanyin hunturu, babu mai kunna esi, zai sayi batirin da watan Afrilu zai kunyata.

Mafi girman abin da aka gani kVA 120 ne, ranar kasuwa a watan Afrilu, tsakanin 3:00 da 3:30 na rana. A wannan gida ainihin aikin da wutar ta yi kW 96 ne. Idan aka raba 96 da 120 ana samun 0.80, lambar da mitar ke nunawa da sunan PF.

Abin da aka rage kafin a zo kan batir

PF 0.80 na nufin ana biyan kuɗin kVA 120 alhali aikin kW 96 ake samu. Ratar ta motoci ce, kwamfuresoci da famfo da fankoki, masu jan wutar maganaɗisu da ke kai da komowa ba tare da ta yi aiki ba. Maganinta kapasita, ba batir ba. Don a ɗaga PF daga 0.80 zuwa 0.95 a lodin kW 96 ana buƙatar kapasita ta kimanin kVAr 40, ma'aunin girmanta ke nan. An sa allo mai mataki huɗu, kowanne kVAr 10, da na'urar da ke shigar da su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon buƙata, don kada a yi yawa da dare lokacin da lodi ya faɗi. An haɗa shi ta yadda zai fita idan janareto ya ɗauki ginin, domin ƙaramin janareto ba ya jure kapasita mai yawa, ƙarfin wutarsa sai ya riƙa hauhawa. Da wannan kaɗai kVA 120 ya koma 101.

Sai famfon rijiya. Yana cin kusan kW 6, kuma mai gadi ya saba kunna shi bayan azahar, daidai lokacin da ginin ke kan ganiyarsa. An sa masa agogo ya riƙa aiki daga 11:00 na dare zuwa asuba. Tankunan sun isa yini, ba wanda ya ji bambanci. Ƙololuwa ta koma kW 90, wato kVA 95.

Tsakanin kapasita da agogon famfo an sauke kVA 25, naira 625,000 a watan zafi, da kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da batir zai ci ba. Duk wanda ya kawo maka farashin batir bai tambayi PF ɗinka ba, kaya yake son sayarwa.

Faɗin tozo, ba tsayinsa kaɗai ba

Ga lodin ranar da ta fi kowace tsanani, bayan an cire famfo:

| Lokaci | Lodi |
|---|---|
| 12:00–1:00 | kW 66 |
| 1:00–2:00 | kW 72 |
| 2:00–2:30 | kW 80 |
| 2:30–3:00 | kW 86 |
| 3:00–3:30 | kW 90 |
| 3:30–4:00 | kW 84 |
| 4:00–4:30 | kW 78 |
| 4:30–5:30 | kW 70 |
| 5:30–7:30 | kW 62 |
| 7:30–8:30 | kW 74 |

Siffarsa kamar tozon sa: ƙanƙane a sama, yana faɗaɗa ana gangarowa. Akwai kuma ɗan ƙaramin tozo na biyu bayan magariba, lokacin da fitilu suka kama aka buɗe zauren taro.

Aikin batir shi ne a ja wa ginin iyaka, a ce kada mitar ta ga fiye da kaza, duk abin da ya haura batir ya biya. Saboda haka lamba biyu ake nema. Ta farko tazarar ƙololuwa da iyakar, a kW, ita ce ke faɗin ƙarfin inbata. Ta biyu jimillar duk wutar da ta haura iyakar, a kWh, ita ce ke faɗin girman batir. Ana samun ta da ɗaukar rarar kowane gida a ninka da tsawon lokacinsa, a tara.

A fara da iyakar kW 80. Gidaje uku ne suka haura: rarar 6, da 10, da 4, kowanne na rabin awa. Jimilla kWh 10. An aske kW 10 da kWh 10, kowane kilowat ya ci kWh ɗaya. Wannan araha ce.

A sauko 75. Yanzu gidaje biyar ne, rarar 5, 11, 15, 9 da 3, awa biyu da rabi. Jimilla kWh 21.5. Ƙarin kW 5 ɗin nan ya ci kWh 11.5, kowane kilowat 2.3.

A sauko 70. Batir zai fara aiki tun 1:00 har 4:30, jimilla kWh 36. Tozon dare ma ya leƙo da kWh 4, amma tsakanin 5:30 da 7:30 lodi na 62, akwai filin kW 8 na awa biyu da za a mayar wa batir abin da ya fi haka. Don haka 36 ɗin ya tsaya. Wannan matakin ya ci kWh 14.5, kowane kilowat 2.9.

A sauko 65, nan ne lissafi ke juyawa. Tozon rana ya miƙe daga 12:00 zuwa 5:30, kWh 59.5. Na dare ya zama kWh 9, filin caji a tsakani kuma ya tsuke zuwa kW 3, abin da zai shiga batir bai wuce kWh 5 ba. Tozayen biyu sun kusa zama ɗaya, ana buƙatar kusan kWh 64. Kilowat biyar na ƙarshe sun ci kusan kWh 28, fiye da biyar da rabi kowanne.

Kuɗin da kowane kilowat ke ragewa kuwa bai canza ba, na farko da na ashirin da biyar duk ɗaya ne a wurin kamfani. Abin da ke hauhawa shi ne kuɗin sayensa. Saboda haka tambayar ba "batir nawa ginin ke buƙata" ba ce, tambayar ita ce a wane mataki ne kilowat na gaba ya daina biyan kuɗin kansa.

Daga kWh 36 zuwa abin da za a saya

Lamba 36 wuta ce da dole ta iso allon ginin. Abin da aka rubuta a jikin batir ya fi haka, saboda ragi uku. Inbata da wayoyi suna cinye kusan kashi 6 cikin ɗari a hanyar fita. Batirin litiyom nau'in LiFePO4 ba a tatse shi ƙarƙaf, ana barin kashi 10. Sannan yana tsufa, kuma ana so ya iya aikin har ranar da ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80 na sabonsa, ba shekarar farko kawai ba. A kan wannan aka ɗora kashi 10 na ko-ta-kwana, don ranar da ta fi wadda aka auna zafi.

```
36 / (0.94 x 0.90 x 0.80) = 53.2 kWh
53.2 x 1.10 = 58.5 kWh
```

A taƙaice duk kWh ɗaya da ake so a allo yana buƙatar kusan 1.6 a jikin batir. Idan farashin batir da haɗawa naira 250,000 ne a kan kWh, to kWh ɗaya mai isowa allo ya tashi kusan naira 400,000.

A ɗaya gefen, kilowat ɗaya a PF 0.95 kVA 1.05 ne, kusan naira 26,000 a wata. Ba a ninka shi da 12 ba, an ninka da 10, domin a watannin hunturu tozon yakan kwanta, abin askewa ya ragu. Naira 260,000 ke nan a shekara. Mai ginin ya ce yana so kuɗinsa ya dawo cikin shekara biyar, don haka kilowat ɗaya kada ya wuce naira miliyan 1.3. Matakin 80 zuwa 75 ya tashi naira 920,000 a kan kilowat, ya shiga. Na 75 zuwa 70 ya tashi miliyan 1.16, ya shiga da ƙyar. Na 70 zuwa 65 ya tashi miliyan 2.2, ya faɗi. Aka tsaya a 70.

Mai ginin ya so a ƙara. Ya ce, "Injiniya, tunda an fara, me zai hana a sauke shi 60 a huta?" Amsar da aka ba shi ita ce, "Ranka ya daɗe, daga 70 zuwa ƙasa ba tozo kake askewa ba, gadon bayan ka shiga. Wannan aikin fanel ɗin sola ne ko sauya tsofaffin esi, ba na batir ba."

An sayi gidajen batir 12, kowanne 51.2 V da 100 Ah, wato kWh 5.12, jimilla kWh 61.4. An jera su a sarƙe, ƙarfin ya taru zuwa kusan 614 V, ta yadda fitar da kW 20 ke jan kusan 35 A kawai. Da a ce an haɗa su gefe da gefe a kan 51.2 V, wannan aikin zai ja sama da 400 A, da kebur masu kauri da tashoshin da ke zafi idan ƙusa ɗaya ta saki. A kula, gidan batirin da aka ƙera don haɗin gefe da gefe ba a sarƙa shi. Na sarƙa daban ne, yana zuwa da akwatin BMS, na'urar da ke kula da lafiyar jerin gaba ɗaya, kuma dole ya zama cikin waɗanda inbatar ke jin yarensu.

Inbata mai layi uku ce ta kVA 30, ko da yake kW 20 ake buƙata a takarda. Dalili biyu ne. Inbata takan rage ƙarfinta da kanta idan ta ji zafi, kuma ranar da aka fi buƙatarta ita ce ranar da ta fi zafi. Na biyu, shagunan layi ɗaya-ɗaya suke ci kuma ba su daidaita ba, wani layin ya fi wani nauyi.

An kawo maganar batirin tubula saboda sauƙin kuɗinsa, ba a daɗe a kai ba. Ƙarfin da aka rubuta masa na fitarwar awa 10 ne ko 20. Idan aka tatse shi cikin awa uku yakan ba da ƙasa da haka sosai, rabinsa kawai ake amfani da shi idan ana so ya daɗe, ga shi kuma yana son awanni masu yawa kafin ya cika.

Jimillar kuɗi: batir naira miliyan 15.4, inbata da na'urar sarrafawa da wayoyi da gyaran ɗaki miliyan 7, duka miliyan 22.4. Ragin kVA 21 ne, daga 95 zuwa 74, naira 525,000 a wata, miliyan 5.25 a shekara. Daga nan a cire wutar da tsarin kansa ke ci, domin batir ba ya rage kWh, ƙarawa yake yi: asarar shiga da fita, da esin ɗakin batir, da abin da inbata ke ci tana zaune, kusan kWh 11 a rana, naira 720,000 a shekara. Saura miliyan 4.5, shekara biyar cif-cif. Ba garaɓasa ba ce. Tsayawa a 75 da gidajen batir 7 zai dawo da kuɗi cikin ƙasa da shekara biyar, kuma wanda jarinsa ke juyawa a kasuwa da ya zaɓi wannan bai yi kuskure ba.

Watan da aka yi asara

Wata na farko mitar ta tsaya a kVA 74. A wata na biyu takarda ta zo da kVA 94, kamar ba a sa komai ba.

Abu na farko da ake dubawa a irin wannan hali shi ne lokacin da mitar ta rubuta wa ƙololuwar, domin tana ajiye rana da sa'a. Da batir ne ya ƙare, da lokacin zai faɗo wajen 3:00 ko 3:30. Amma mitar ta nuna 12:00 zuwa 12:30 na wata Talata, ba ma ranar kasuwa ba, lokacin da lodin ginin bai wuce kW 64 ba. Da aka buɗe bayanan inbata na wannan rabin awa, sai aka ga batirin ba bayarwa yake yi ba, karɓa yake yi, kW 25.

Ga yadda abin ya faru. Da safen ranar an ɗauke wuta na kusan awa uku saboda gyaran layi. Ɗakin sanyi da kanti suna kan tashar ko-ta-kwana ta inbata, batir ya riƙe su ba tare da an tayar da janareto ba, lambar SOC, mai nuna cajin da ya rage a batir, ta sauka zuwa 35%. Da wuta ta dawo daf da sha biyu, inbatar ta yi abin da aka saita mata daga masana'anta, ta fara cika batir da dukkan ƙarfinta. Lodi 64 da caji 25 sun zama kW 89 na rabin awa. Na'urar da aka saya don ta aske tozo ita ta gina sabo, kuma naira 500,000 ta tafi a gida ɗaya.

Gyaran farko shi ne a ɗaure caji da iyaka ɗaya da fitarwa. Batir ba ya karɓar sai abin da ya rage tsakanin lodi da iyakar:

```
P_caji = min(25, max(0, 68 - P_lodi))
```

Lamba 68 ce a ciki ba 70 ba, kuma ita aka saita wa fitarwar ma. Kilowat biyun na bambancin awo ne tsakanin CT ɗin inbata, wato zobban da ake maƙala wa waya don auna wutar da ke wucewa, da mitar kamfani, da ɗan jinkirin da na'urar ke yi kafin ta amsa. Wannan ya ƙara wa batir aikin kusan kWh 9 a rana mafi tsanani. Yanzu da yake sabo yana ɗauka cikin sauƙi, idan ya tsufa sai a matsar da lambar zuwa 69 ko a yarda da iyakar 72.

Gyaran na biyu ya fi wuya, domin ya shafi son rai. Batir ɗaya ba ya yin aiki biyu a yini ɗaya. Idan ya ƙare da safe wajen riƙe ɗakin sanyi, ba shi da abin bayarwa da rana, kuma da sabuwar dokar caji ba zai cika kafin 1:00 ba. An saita cewa daga asuba zuwa 5:30 na yamma batir zai riƙe ginin ne kawai na mintunan da janareto ke ɗauka ya tashi, kada SOC ya sauka ƙasa da 85% saboda ɗauke wuta. Bayan 8:30 na dare ana iya sake masa, tunda akwai daren gaba ɗaya na caji, lokacin da lodi ke ƙasa da kW 40. Wanda yake son duka biyun, riƙon ɗauke wuta da askewa, sai ya lissafa kowanne daban ya tara.

Akwai tambayar da wannan rana ta tayar: idan duk da haka rana ta yi batir bai cika ba fa? A ɗauka SOC 35% ne da ƙarfe ɗaya a ranar kasuwa. Tsakanin 35 da 10 akwai kusan kWh 15, wanda zai iso allo 14. Idan na'urar ta nace wa iyakarta ta kullum, za ta ƙone wannan a kan gangaren farko, ta ƙare wajen 3:00, mitar ta ga 90 ko kusa da shi. Idan kuwa tun farko aka ɗaga iyakar zuwa 78, rarar ta zama 2, 8, 12 da 6 na rabin awa kowanne, kWh 14 daidai, ya kai har ƙarshe. An rasa kW 8 maimakon 20. Saboda haka aka rubuta wa manajan ginin ɗan allo a manne a ƙofar ɗakin batir: idan SOC kaza ne da ƙarfe ɗaya, iyaka kaza. Haka kuma idan ƙololuwar wata ta riga ta kafu a sama, babu amfanin wahalar da batir a ƙasa da ita. A ɗaga iyakar zuwa wannan lamba har ranar da mitar za ta share, sannan a mayar.

Asarar ta tsaya a wata ɗaya ne saboda wannan kwangilar tana farawa daga sifili kowane wata. Wasu kwangilolin suna da sharaɗin cewa kuɗin kowane wata ba zai gaza wani kaso na ƙololuwar watanni 11 da suka wuce ba. A ƙarƙashin irin wannan, rabin awa ɗaya yana bin ka shekara guda, ragin batir kuma ba ya bayyana sosai sai tsohuwar ƙololuwar ta fita daga lissafi. A nan kashi 10 na ko-ta-kwana ya yi kaɗan.

Ƙananan abubuwa masu ɓata aiki

CT ɗin inbata dole su zauna a babbar wayar shigowa, kusa da mitar kamfani, kafin kowane reshe ya fita. Idan famfo ko zauren taro yana cin wuta daga gabansu, inbata ba ta ganin sa amma mitar tana gani. Idan aka juya fuskar ɗaya daga cikinsu, ko aka sa na layi ɗaya a kan wani, inbata za ta ga lodi ƙasa da na gaskiya ta zauna shiru. Gwajin mai sauƙi ne: a kashe caji da fitarwa, a kwatanta kW na kowane layi a fuskar inbata da na mitar. Lamba mai alamar ragi a layi ɗaya CT ne a juye.

Zafi shi ne ɗayan. Batirin LiFePO4 ya fi son wajen digiri 25, a wannan yanki kuwa Afrilu da Mayu suna haura 40 a inuwa, ɗakin kwano ya fi haka. Ƙa'idar da masu aikin ke bi ita ce ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin tsufa, kuma lissafin kashi 80 da aka yi a sama bai san da ɗakin kwano ba. An ware ɗaki a gefen arewa na ginin, mai silin, da ƙaramar esi da aka saita a 27, ana wanke matatar iskar inbata duk mako biyu a lokacin ƙurar hunturu.

Siffar tozon kanta ba ta zama wuri ɗaya. Ranar Juma'a yakan lotsa a tsakiya lokacin da aka rufe shaguna aka tafi masallaci, sannan ya taso gaba ɗaya bayan an sauko. A watan azumi kuwa na rana yakan ragu, na dare ya girma, domin firizoji sun yini suna aikin ƙanƙara da lemo, kanti kuma yana cika daga shan ruwa har bayan tarawihi. Bayanan shekarar da aka auna sun nuna tozon dare a azumi ya kai kW 79 na kusan awa biyu, rarar kWh 22 a kan 68, abin da batir zai iya idan bai zo a gajiye daga rana ba. Don haka a wannan wata ana jinkirta agogon famfo zuwa 12:00 na dare, dokar 85% kuma ana miƙa ta har 10:30. Da yake azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ranar sauya wannan saiti ba a bar ta a cikin na'ura ba, an rubuta ta a allon manaja, ana gyarawa idan an ga watan Sha'aban.